Sau Nawa, Wane Ne?

Malamin harshe yana da wani ɗan aibi, shi ma ba ya musu: ba ya karanta insha'in ɗalibai, farauta yake yi a ciki. Jan bironsa na ganin "sosai", "da dama", "daban-daban" ko "kamar yadda kowa ya sani", sai ya zabga musu layi ya wuce.

Haka ya yi wa rubutun Monita, yarinyar da ke riƙe da rajistar shigar malamai aji. Za ta shiga gasar insha'i kan matsalolin makaranta, wadda Shugaban makarantar zai tace da kansa. Ta rubuta: "Wasu malamai da dama ba sa zuwa aji sosai saboda dalilai daban-daban."

"Wannan kumfa ce," in ji Malam. "Wanda za a cire ma'ana ba ta canza ba, ki cire. Wanda ke ɓoye wani abu, ki fito da abin. Wane ne? Sau nawa?"

"Malam, ka tabbata?"

"Ni za ki koya wa aikina?"

Ran Litinin ta tare shi a baranda tana fara'a. Ta ce ta miƙa wa Shugaba, ga kwafi. A karon farko cikin shekaru, Malam ya karanta jimla daga farko har ƙarshe: "Malamin harshe bai shiga ajinmu ba sau goma sha ɗaya a zangon nan, saboda yana koyarwa a wata makarantar kuɗi."

Jimla tsaf, ba kitse ko kaɗan. An taɓa ba shi takardar gargaɗi, ta biyu kuwa sallama ce.

Kwana biyu abinci bai wuce masa ba. Ya shiga kowane aji kafin a kaɗa ƙararrawa, har yara suka fara tambayar ko lafiya. A gida matarsa ta ce, "Maigida, ko a ofis aka yi rasuwa?" Ya ce tukuna.

Ran Laraba masinja ya leƙo ɗakin malamai. "Shugaba na kira."

Ya tarar da takardar insha'in a kan tebur, an danne ta da kofin shayi. Fanka na juyawa, amma rigarsa ta manne masa a baya.

"Kai ka gyara wa yarinyar nan rubutu?"

"Ranka ya daɗe, akwai dalilai daban-daban da..." Sai ya ji abin da bakinsa ya faɗa.

"Ka cuce ta, Malam. Ƙa'idar gasa kalma ɗari biyar ce, sakatare ya ƙirga ɗari uku da goma. Mayar mata, na cire ta."

Shugaba bai karanta ko layi ɗaya ba.