Hoton Bayan Tela

'Yar tela ta baza hotunan a kan teburin yanka, ranta a ɓace. Ita ta ɗauki nauyin mayar da sana'ar mahaifinta littafin koyon ɗinki, kowane mataki da hotonsa. Awo ya fito fes, haka zanen alli da yanka. Amma duk sanda aka zo haɗa hannun riga da kafaɗa, inda ɗinkinsa ba ya tattarewa kamar na sauran teloli, sai tsohon ya karkace ya tare keken da jikinsa.

"Baba, dubi nan. A wannan hoton hannu daban, riga daban. A na gaba an gama. Mai koyo ya yi yaya, ya yi duba?"

Ko kai bai ɗaga ba. "Ya zo ya share mini shago kamar yadda na share wa maigidana. Ba a takarda na tsinta ba."

"Wa zai zo? Duk wanda ka ɗauka sai ka kore shi da baƙar magana."

"To ki rufe littafin naki. Ni na aike ki?"

Ta tattara hotunan tana huci, ta zaro guda ta ajiye masa a kan keken. Ba komai a ciki sai faɗin bayansa da ƙeyarsa.

"Wannan zan sa a shafin haɗa hannu," in ji ta. "Abin da ka koya wa kowa ke nan, har da ni."