Akwatin da Ya Tafi Kaduna

A ofishin ƙungiyar da ke kai aikin lafiya ƙauyuka daga Makarfi, kowa ya san Sista Zulai Mailafiya da takardarta ta duba kaya. Ba ta yarda mota ta tashi sai ta bi takardar layi-layi, kuma ba ta sa alama a kan abin da aka ce mata yana ciki, sai ta ɗaga shi da hannunta ta gani. Direbobi suna yi mata dariya a bayan ido, suna cewa wata rana har tayar mota za ta ƙirga. Ita kuwa ta shekara goma sha wani abu a aikin, ta ga ranar da aka je ƙauye da allurai babu sirinji, saboda haka dariyar ba ta damunta.

Tafiyar wannan Laraba zuwa Tashar Kanya ce, wani ƙauye can gaba da Nasarawan Doya, inda akwai ɗan asibiti mai ɗaki biyu da ba shi da firij. Mutanen wurin sun daɗe ba sa kawo yara rigakafi. Zulai ta yi ta zarya, ta zauna da mai unguwa, ta zauna da liman, ta shiga gidaje tana shan furar da ba ta so, har aka amince cewa ranar Laraba mata za su fito da yara. Zafi ya fara shigowa, lokacin ƙyanda ke nan, don haka allurar ƙyanda ce a gaban ranta.

Da sassafe ta shiga sito tare da Rashida, ma'aikaciyar da ke rubuta katin yara. Suka fito da robobin ƙanƙara daga firiza suka jera a kan tebur har suka fara zufa, ana jin motsin ruwa idan an girgiza, domin ƙanƙara mai ƙarfi tana daskarar da wasu alluran ta lalata su. Zulai ta duba ranar ƙarewar kowace kwalba, ta duba ɗan tambarin da ke yin duhu idan zafi ya taɓa maganin. Ɗigon shan-inna, allurar nan mai kare cututtuka biyar, ta tarin fuka, ta shawara, ta ƙyanda, duk suka shiga akwatunan sanyi biyu suka cika su. Sai dai allurar ƙyanda gari ce busasshiya a cikin kwalba, sai an narka ta da ruwan haɗinta, kuma ruwan dole ya zama na kamfanin da ya yi ta. Haka ma ta tarin fuka da ta shawara. Ruwan haɗin ya kwana a firij don ya yi sanyi. Da ta ga babu wuri a akwatunan biyu, sai ta ɗauko na uku, ƙarami, ta zuba ruwan haɗin duka a ciki. Sannan aka bi sauran: sirinji na yin allura da na haɗi, kwalin zuba allurar da aka yi amfani da ita, auduga, safar hannu, sikelin yara, abin awon jini, maganin zazzaɓi da abin gwajinsa, gishiri da sukari na gudawa, bitamin A, da ƙaramar jakar gaggawa ko da allura za ta ba wani yaro matsala. Kowane layi ya sami alamarsa. Aka loda a Hilux, ta sa hannu a ƙasan takardar.

Suna shirin shiga mota Malam Inuwa, shugaban ofishin, ya fito da waya a kunne. Ya ce an kira shi taro a Kaduna da masu ba ƙungiyar tallafi, kuma ba zai je gabansu a tsohuwar bas ba. A sauke kayan a mayar cikin bas, Hilux ɗin tasa ce yau. Nan take direbobi da mai gadi suka hau jidar kaya, wannan ya ɗauki kwali, wancan ya ɗauki sikeli. Zulai ta ciro takardarta ta ce tun da an canja mota sai ta sake bi daga farko.

“Haba Sista,” in ji Malam Inuwa. “Kin duba, kin sa hannu. Daga nan zuwa nan ne fa. Kuma bas ɗin ta tare mini ƙofa.”

“Yallaɓai, ba zan daɗe ba.”

“Ku duba a hanya.”

Ya faɗa yana murmushi, amma ba murmushin da ake musu da shi ba. Ta leƙa bayan Hilux ta ga wayam. Ba ta leƙa ƙasan kujerar baya ba, inda direba ya tura ƙaramin akwatin tun farko don kada rana ta doke shi. A cikin bas kuwa an danne kaya wani kan wani har rufi, babu yadda za a duba a hanya.

Da suka isa Tashar Kanya, Zulai ta ga abin da ba ta taɓa gani a wurin ba. Mata sun cika inuwar kanyar da ke gaban asibitin, har sun malala gefen rijiya, goyo a baya, wasu da yara biyu. Mai unguwa da kansa ya sa an shimfiɗa masa tabarma. Daɗi ya cika ta. Aka gaisa, aka sauke kaya, ta tsaya a ƙofa da takardarta tana bi, har ta iso layin ruwan haɗi. Ta duba ƙarƙashin kujeru, ta sa direba ya ɗaga tayar safaya. Babu.

Ta hau tudun bayan asibitin inda ake samun sabis ta kira Malam Inuwa. Sai a kira na uku ya ɗauka, ya ce ai sun wuce Zariya, ba zai juyo ba saboda kwalaben ruwa, ta yi dabara. Makullin sito kuma yana aljihunsa. Ta tura ɗan acaɓa wani asibiti a Gazara, ya dawo da ruwan haɗi a cikin akwatin sanyinsu, ta karanta jikin kwalbar, na wani kamfani ne daban. Rashida ta ja ta gefe ta ce akwai ruwan allura a kwalin magunguna, ruwa dai ruwa ne, wa zai sani, a dubi matan nan da suka tako tun safe. Zulai ta daɗe tana kallon kwalaben. Ta san idan ta haɗa da abin da ba nasa ba, ko dai allurar ta ƙi aiki a rubuta wa yaro kati a banza, ko ta cutar da shi, daga nan kuma babu mai sake kawo ɗa a ƙauyen nan. Ta ce a'a.

Suka yi abin da za su iya. Aka ɗiga na shan-inna, aka yi ta cututtuka biyar ga ƙananan jarirai, aka auna masu ciki, aka gwada masu zazzaɓi. Amma yawancin yaran da aka kawo sun kai wata tara ko sun wuce, su ne na ƙyanda, su kuma sai bitamin A aka matsa musu a baki aka ce a dawo mako mai zuwa.

Cikin matan akwai Lantana, matar wani makiyayi mai suna Bobbo, wadda ta taso daga rugarsu da ɗanta Huzaifa, yaro mai ƙiba da ke ta kama ɗankwalinta. Zulai ta san ta, don sau biyu ta je rugar kafin Bobbo ya yarda. Lantana ba ta yi faɗa ba. Ta gyara goyonta ta ce, “Malama, ke kika ce yau. Da ƙyar ya bar ni na fito, na bar nono ban kai kasuwa ba.” Zulai ta ba ta haƙuri, ta rantse mata za ta dawo. Lantana ta ce to, Allah Ya kai mu, ta bi hanya cikin rana.

Mako mai zuwan bai zo ba. Ranar Laraba bas tana gareji. Ta gaba Malam Inuwa ya ce babu Tashar Kanya a jadawalin watan, an riga an rubuta a rahoto cewa an je. Zulai ta yi ta bin ofishinsa har ya gaji ya sa mata hannu a takardar fitar da allurai. Ta ɗaura akwati ɗaya a bayan mashin ɗin wani ɗan acaɓa, wannan karon kowace kwalba da ruwanta a gefe, ta tafi ita kaɗai. Mata kaɗan ta tarar. Mai unguwa ya aiko a ce mata yana gona. Wata tsohuwa ta gaya mata cewa mazan sun ce ba za a sake shanya musu mata a rana ba, kuma ƙyanda ta riga ta shigo ta wajen rugage.

Da ta gama da 'yan yaran da aka kawo ta sa ɗan acaɓan ya kai ta rugar Bobbo. Tun daga nesa ta ga mata zaune a ƙofar bukka, babu mai daka, babu mai magana. An binne Huzaifa shekaranjiya. Ƙurajen sun fito, tari ya sauka a ƙirjinsa, suna shirin neman mashin zuwa asibiti ya cika. Zulai ta ajiye akwatin a gindin bishiya don kada a ga ta shigo da shi, ta durƙusa ta yi gaisuwa. Bobbo ya amsa da ladabi, ya ce kwana ne ya ƙare. Lantana ta sa aka kawo mata ruwa a ƙwarya, ta tambaye ta hanya, ba ta ambaci Larabar nan ba ko sau ɗaya. Zulai ta so a ce ta zage ta.

Da labarin ƙyandar ya kai Kaduna aka nemi bayani. Malam Inuwa ya kira taron ma'aikata, ya yi magana mai tsawo a kan sakaci, ya ce takardar ta nuna an loda komai kuma ga hannun wadda ta sa. Ya ce doka ita ce a haɗa allura da ruwanta wuri ɗaya, wa ya ce a raba su. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya fi ci wa Zulai rai, don ta sani tun a kan tudun nan. Ta tashi ta faɗi yadda aka canja mota da yadda ta nemi sake dubawa. Ta waiwayi Rashida, Rashida na kallon ƙasa. Direban ya ce shi bai ji lokacin da aka yi maganar ba. Dukansu suna da iyali, kuma Malam Inuwa ne ke sabunta musu aiki duk shekara.

Aka ba ta takardar gargaɗi, aka cire ta daga fita ƙauyuka, aka mayar da ita ƙaramin ofishin ƙungiyar a Kudan, inda aikinta shi ne haɗa rahoton wata. Rashida ce ta karɓi tawagar. Ranar da Zulai ta zo kwashe kayanta Malam Inuwa ya tare ta a baranda, ya ce kada ta ɗauki abin da zafi, dole ce a nuna wa mutanen Kaduna an yi wani abu, in ƙura ta lafa zai duba maganarta. Ta ce ta gode, yallaɓai. Ta fita bakin titi ta tsaya jiran motar Kudan.