Ragowar Miliyan Takwas

Ƙarfe biyu da rabi na rana ina ofis ni kaɗai, fanka na kaɗa rasitai ina danne su da kofin shayi. Ni ne akantan wata ƙungiya da ke gina makaranta da tallafin wata gidauniya. Aikin na shekara uku ne, kuɗinsa miliyan casa'in: talatin a shekarar farko, arba'in a ta biyu, ashirin a ta uku.

Shekarar farko ta ƙare mun kashe ashirin da biyu, saura takwas. Takwas ɗin kuɗin rufin ginin farko ne, wanda ba a yi ba saboda injiniya ya ga tsagewa a bango ya sa aka rushe aka sake. A yarjejeniyarmu, ragowa ba ta bin mu sabuwar shekara da kanta. Sai mun aika rahoto da rasitai da takardar neman izini, sannan a ɗora ta a kan shekara ta biyu ta zama arba'in da takwas, jimla na nan casa'in, kuma rufin dai za a yi da ita. In ba mu aika ba, kuɗin su koma wa masu su. Sau biyu gidauniyar tana ƙara mana wa'adi, a na ƙarshe ta rubuto cewa yau ƙarfe huɗu ne iyaka. Daraktar ƙungiyarmu ta sa hannu da safe ta wuce filin jirgi, ya rage in daidaita rasitan ƙarshe, in sa nawa hannun, in tura.

Ɗan kwangilar ginin kawuna ne, ƙanin mahaifiyata. Ya samu aikin tun kafin a ɗauke ni, amma ko'ina ya zauna sai ya ce ɗansa ne ke riƙe da asusu. Mutum ne mai kyauta da bakinsa. Mako uku ke nan leburorinsa suna aikin katakon rufi ba a biya su ba, kullum yana ce musu gobe.

Ni na jawo wa kaina, don jiya da ya leƙo na nuna masa jadawalin ya kwantar da hankalinsa. Duk lambobin da ke shafin bai ga komai ba sai layi ɗaya: ragowa, miliyan takwas. A wajen magina kuwa an san hukuncin ragowa. In an tashi daga aiki, buhun simintin da ya rage da guntayen katako da ƙusoshi na masu aiki ne, a nan take ake rabawa, ba mai kai su wata shekara.

Na ji hayaniya a tsakar gida, kafin in miƙe an banko ƙofa. Kawu ne a gaba, bayansa mutum bakwai, ƙafafunsu duk siminti. Shugabansu, wani kafinta da suke kira Dogo, yana riƙe da guduma.

"Ɗana, sallame su," in ji Kawu, yana murmushin da bai kai ciki ba. "Na faɗa musu akwai ragowa."

"Kawu, ba irin wannan ragowar ba ce. Kuɗin rufi ne. Ku bar ni in tura takarda kafin huɗu, in an amince su shiga shekara ta biyu. Kuna gamawa injiniya ya duba, a biya ku."

"Shekara ta biyu," in ji Dogo. "Kun ji ko? Mu ci me kafin nan?"

"Ai mun riga mun shiga shekarar, malam. Wata guda ke nan."

"To in mun shiga, ba mu kuɗinmu."

"Ba ni da ikon taɓa su sai an amince."

Dogo ya zagayo teburin ya leƙa allon kwamfuta. Ya iya karatu daidai yadda zai cuci kansa. Ya sa yatsa a kan arba'in da takwas.

"Maigida ya sha faɗa mana arba'in ne kuɗin bana. Yau ga arba'in da takwas. Kun kwashe namu kun zuba a naku."

Raina ya ɓaci, kuma ina da baki, wannan halina ne tun ina yaro. Na ce masa in lissafi guduma ne da ya fi kowa iyawa, ya cire min ƙazamin yatsansa daga allo.

Marin ya zo ta hagu, kunnena ya ɗauki ƙara. Na faɗa kan kabad, fayiloli suka zubo min a ka. Wani ya shaƙe min wuyan riga ya ɗaga ni, wani ya zuba min gwiwa a ciki har shayin da na sha ya dawo. Ina jin Kawu yana cewa, "Kai, ku bi a hankali, tsorata shi kawai na ce," sai na gane da shirinsu suka zo. Wannan ya fi marin yi min ciwo.

Dogo ya ɗaga guduma ya sauke a kan kwamfutar, sau uku, har maɓallanta suka watsu a ƙasa. Sauran suka bi aljihunan tebur suna neman kuɗi, a zatonsu miliyan takwas a ƙulle suke cikin leda. Da ba su samu ba suka huce a kan rasitai, suka yayyaga, suka tattake cikin shayin da ya zube. Wayata ma wani ya maka ta da bango.

Takardar neman izinin tana gefen tebur da sa hannun Darakta a jiki. Na ce a raina ko ita kaɗai na tsira da ita, in ruga shagon da ke bakin titi a tura min. Na fizge na kai hannu na dafe ta. Dogo ya ga yadda na yi, ya ɗauka cek ne.

"Saki."

"Wallahi kuɗinku ne a nan, in ta lalace kun..."

Gudumar ta sauka a bayan hannuna na dama. Na ji ƙasusuwan sun ba da sauti kamar an taka busasshen kara, jini ya malale takardar tun daga kanta har sa hannun Darakta. Sai a lokacin Kawu ya tuna ni ɗan yayarsa ne. Ya rungumo Dogo ta baya yana zagi, Dogo ya juya da gwiwar hannu ya fasa masa baki, wani kuma ya sauke masa kujera a ka. Da suka ga mutum biyu a ƙasa, suka fita a guje, ni kuma ban ƙara sanin inda nake ba.

Na farka a asibiti, hannuna a naɗe ya yi kamar tulu. Mahaifiyata na zaune tsakanin gadaje biyu tana kuka, ta rasa wanda za ta fara kallo, ɗanta ko ƙaninta. Kawu na gado na kusa, an ɗinke masa goshi, haƙoransa biyu na gaba babu. Na tsane shi a lokacin, ban kuma ɓoye ba, na juya masa ƙeya.

"Ɗana," ya ce, maganar na fita da iska. "Ka yafe min. Sharrin shaiɗan ne."

Ban juyo ba.

"Amma dai kuɗin suna nan ko? Gobe sai ka tura takardar, ko da hagu ne. In na gama rufin nan zan biya kowa, har asibitinka."

Akwai agogo a bangon da yake fuskanta, ni ba na ganinsa daga inda nake.

"Kawu, ƙarfe nawa?"

Ya ɗaga kai da ƙyar ya duba. "Biyar da kwata."

"To kuɗin bana arba'in ne, kuma duk na gini na biyu ne. Babu rufi a ciki."

Ya daɗe yana kallon agogon, bakinsa na motsi kamar mai ƙirga. Sannan ya tambayi mahaifiyata, a hankali, ko ƙofar ɗakin tana kulluwa ta ciki, don ya san Dogo zai dawo neman kuɗinsa.