Kafin Zafin Ya Hau

Shekara bakwai Yaya tana auna zafin jikinta kowace safiya kafin ta sauko daga gado, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Ai ko ungozoma ba za ta gaya mata kwanakin sakin ƙwai ba. Sai ga Auta, ƙanwarta da ta yi aure bara, ta faɗo shagon ɗinkinta da 'yar takardar awon zafin jikinta, duk ɗige-ɗige.

"Yaya, duba min don Allah. Kin san maigidan direba ne, kwana biyu kawai yake samu a wata, ni nake zaɓar masa ranakun. Da na ga zafin ya hau sai in kira shi. Wata biyar ke nan, shiru. Surukata har ta fara jefa min magana."

Kallo ɗaya Yaya ta yi wa takardar ta gano ɓarnar. Sakarar yarinya! Zafin nan na ƙasa da rabin digiri sai bayan an saki ƙwai yake hawa, ƙwan kuwa bai fi kwana ɗaya ba. Mijin yana isowa ne bayan an tashi kasuwa. Amma takardar, kai! Kowane wata zafin yana hawa a kan kari, tsaf. Ita tata sai ta yi wata uku a miƙe kamar zaren keke.

Kishi ya turnuƙe ta, kishi tsagwaronsa. Auta ce mai gashi, Auta ce 'yar lelen Mama, yanzu kuma Auta ce za ta fara miƙa wa Mama jika?

"Ba laifi," in ji Yaya, ta ci gaba da taka keke. "Sai haƙuri."

Auta ta miƙe, ta dafe mararta ta dama. "Wash! Tun safe nan yake ɗan tsunkulina. Ga wani farin ruwa tun shekaranjiya, mai yauƙi kamar farin ɗanyen ƙwai. Ko sanyi ne? Maigidan ya ce zai iya zuwa yau, bari in ce ya dakata sai na warke."

Yaya ta san ba sanyi ba ne. Abin da take roƙon Allah ta gani a jikinta ne yarinyar take wa yatsina. Ta bar ta ta ɗau jaka, ta bar ta ta sa takalmi ɗaya.

"Ke! Akwai ƙaiƙayi ko wari?"

"Babu."

"To kira shi ya taho yau. Ruwan nan da ciwon gefe su ne alamar lokacin ya zo. In kika jira zafin, ya wuce."

Auta ta rungume ta. "Wayyo Yayata! In Allah ya ba ni, ke za ki ɗinka kayan jariri."

"Sake ni, kina taka min yadi."

Har Auta ta sha kwana Yaya ba ta iya cewa Allah ya sa a dace ba.