Ranar da Anti Babba Ta Ce a Koma Tsohon Tsari

A kamfanin rarraba magunguna da ke bayan tashar manyan motoci, kowa Anti Babba yake ce mata, har Maigida mai kamfanin, wanda ya girme ta nesa ba kusa ba. Ita ce shugabar sashen kuɗi, kuma ita aka ɗora wa aikin sauya tsohuwar manhajar kwamfutar kamfanin da sabuwa.

Tun wata guda kafin ranar sauyin ake tafiyar da tsarin biyu kafaɗa da kafaɗa. Duk kayan da ya shigo sito ko ya fita, sai an shigar da shi a tsohon tsari, a sake shigar da shi a sabo, da yamma a gwada a ga ko bakinsu ya zo ɗaya. Ma'aikata sun gaji liƙis. Wata mai shigar da bayanai ta ce yatsunta sun fara buga lambobi a kan filo cikin barci. Anti Babba ta yi ta ba su haƙuri, tana cewa ƙarshen wata kowa zai huta.

Jadawalin yana manne a ƙofar ofishinta. Ranar Juma'a da yamma za a rufe watan, a kulle tsohon tsari, ba shiga ba fita, a ajiye kwafinsa. Asabar a ƙirga kayan sito, a ciro abin da ya rage na kaya da asusu, a zuba a sabon tsari ya zama mafarinsa. Lahadi a tantance. Ƙarfe huɗu na yammar Lahadi za a yanke shawara, ko a ci gaba ko a koma baya, domin sake buɗe tsohon tsari ma yana cin rabin yini, kuma da zarar an fara ciniki a sabo ranar Litinin, komawa ta zama jan aiki. A ƙasan takardar akwai sharuɗɗan da kowa ya sa wa hannu. Ɗaya daga ciki ya ce idan ranar lalacewar magani a kwamfuta ta saɓa da ta jikin kwali, ba za a buɗe ba.

Da hantsin Lahadi komai ya yi kyau. Injiniyan da kamfanin manhaja ya turo ya nuna mata jimillar kaya da ta asusu, sun yi daidai da na fayil ɗin da aka ciro daga tsohon tsari. Maigida har ya aika a sayo lemo mai sanyi. Ita kuwa Anti Babba hankalinta ya riga ya yi gaba, don 'yarta ta fari tana wani gari da tsohon ciki, kuma ta yi mata alkawarin tahowa ranar Laraba. Jakarta ma a haɗe take a gida.

Saura tantancewa ta ƙarshe. Ta ɗauki takardar da aka buga daga sabon tsari ta shiga sito, tana cire kwali nan da can tana dubawa. Na farko daidai, na biyu daidai. Na uku maganin tarin yara ne. Jikin kwalin ya ce zai lalace ran tara ga watan uku, takarda ta ce ran uku ga watan tara. Ta goge tabarau ta sake dubawa. Ta ja wani kwalin, shi ma rana da wata sun yi musanya. Duk inda ranar ba ta wuce sha biyu ba, ta juye. Ta zauna a kan wani katakon ɗora kaya.

A nan manajan sito ya same ta, dattijon da ake kira Kawu. Da ya ga takardar, bai jira tambaya ba. Ya ce ranar Asabar, bayan an gama ƙirge, wani asibiti ya bugo yana neman ruwan ƙarin jiki da gaggawa, an kawo musu mutanen da mota ta kife da su. Ya fitar da kayan da takardar hannu. Don kada lissafi ya saɓa, sai ya buɗe fayil ɗin kayan da za a zuba, a kwamfutarsa, ya rage adadin, ya adana. Bai san kwamfutarsa tana karanta wata kafin rana ba.

"Kawu, fitar da kayan ba laifi ba ne, ko ni ce zan fitar," in ji ta. "Da ka bar takardar hannun, ranar Litinin mu shigar da ita a sabon tsari. Fayil ɗin ne bai kamata a taɓa ba. Ni ma da na ajiye shi inda hannu ba zai kai ba."

Aka taru a ofishin Maigida, fanka na kaɗa takardu. Injiniya ya ce abin mai gyaruwa ne: a share abin da aka zuba, a sake cirowa daga tsohon tsari, a sake zubawa, kafin gari ya waye an gama. Anti Babba ta tambaye shi yaushe za a tantance. Ya ce gaskiya sai dai ana ciniki ana dubawa. Maigida ya ce an riga an sanar da abokan ciniki, kuma kowane wata na jinkiri kuɗi ne. Ya dube ta ya ce ai ita ma tana da tafiya.

Ta dubi agogon bango. Ta tuna fuskokin ma'aikatan da ta yi wa alkawarin hutu. Ta kuma tuna cewa sabon tsari shi zai riƙa gaya wa masu lodi kwalin da za su fara fitarwa, kuma shi zai tare wanda ya lalace.

"Ranka ya daɗe, mun rubuta sharaɗin nan ne lokacin da hankalinmu yake kwance, saboda rana irin ta yau. Ni dai na ce a koma."

Maigida ya ce to, hannunsa ma yana kan takardar. Kafin dare ya raba an buɗe tsohon tsari, an gwada shi da kwafin da aka ajiye, an shigar da kayan asibitin. Aka sa sabuwar rana, ƙarshen wata mai zuwa, don mafarin asusu ya fito daga watan da aka rufe. Lemon aka raba wa masu gadi.

A mota Anti Babba ta kira 'yarta, don ta gaya mata tafiyar Laraba ta fasu. Ta shirya dogon bayani, amma yarinyar ta katse ta da dariya, ta ce dama ta san mamanta, jikan ma da alama ya gado ta, ba ya fitowa sai an tantance. Anti Babba ta yi dariya, ta kashe wayar, sannan ta share ido da gefen mayafi.

Ranar Litinin ita da bakinta ta gaya wa ma'aikata cewa akwai sauran wata guda na aiki biyu. Kowa ya ja kujerarsa ya koma bakin aiki. Ta ɗebi rabin tulin takardun teburin farko ta tafi da su ofishinta. Jim kaɗan sai ga Kawu ya jawo kujera kusa da masu shigar da bayanai, ya ce a ba shi nasa kason. Da yatsa ɗaya yake bugawa, harshe a waje, yana neman kowane harafi kamar mai tsintar allura. Mai teburin ta jure ta jure, daga baya ta ce ya taimaka ya riƙa karanto mata lambobin kawai, ita ta buga. Haka suka yi har aka tashi.