Tallar aikin ɗakin waya

Ranar da aka sallami Yesenia Builes daga kamfanin sayar da firji a Medellín, ba ta gama kwashe kayanta ba sai manaja, Don Evelio, ya ajiye mata takardar tallar neman ma'aikaci a tebur.

"'Yata, ki gyara mana tallar kujerarki kafin ki tafi. Kin fi kowa iya rubutu."

Shekara huɗu ta yi tana amsa wayar masu ƙorafi, aka kore ta saboda ta nemi a ƙara mutum ɗaya ya taya ta. Takardar ta ce ana neman "jakadan farin cikin abokan ciniki, mai son ƙalubale, cikin iyali mai kuzari." Yesenia ta soke duka, ta rubuta: "Za ka amsa kira tamanin a rana, yawanci daga mutanen da firjinsu ya lalace. Za a zage ka. Ba ka da ikon canza wa kowa kaya. Hutun cin abinci minti ashirin ne. Ana aiki Asabar har ƙarfe shida."

Don Evelio bai karanta ba, ya ce ta sa a shafin neman aiki. Kwana uku aka yi, mutum biyu kawai suka nema, shi kuwa ya zauna yana amsa wayar da kansa. Da ya ga tallar sai ya kira ta.

"Wannan ɓatanci ne, Yesenia."

"Don Evelio, nuna min layin da yake ƙarya, in goge."

Tana jin wayar ofis tana ta ƙara a bayansa.