Jinin da Za a Ƙara wa Auta

Maƙwabta ne suka fara yaba Auta, wai ta yi haske, kumatu sun ciko. Uwarta, maginiyar tukwane, ta ji daɗi har ranta, don rogo da gishiri kawai take iya ba yarinyar, ga shi kuma jiki ya karɓa. Ashe ba ƙiba ba ce, kumburi ne. Hasken kuma jini ne ya ƙare.

Da Auta ta yanke jiki ta faɗi a bakin ramin yumɓu, uwar da ƙanwar uwar suka goyo ta zuwa asibiti. Nas ta ja fatar idon yarinyar ƙasa, ciki fari fat. Aka auna jini, aka auna bayan gida.

"Tsutsa ce a hanjinta, tana maƙale tana zuƙar jini," in ji nas. "Yarinyar tana yawo ba takalmi?"

"Yumɓu muke takawa, Malama. Wa zai kwaɓa yumɓu da takalmi?"

"Mutane na zagayawa a wajen?"

Maginiya ta sunkuyar da kai. Rabin unguwa ba su da masai, inuwar bayan ramin nan kowa ya san aikinta. Nas ta ce daga ƙwan da ke cikin ƙazantar tsutsar ke fitowa, ta zauna a danshin ƙasa, ta huda fatar ƙafa. Maginiya ta tuna ƙaiƙayin da Auta ke sosawa tsakanin yatsu, wanda ita ta ce tsabar ƙiwar aiki ce.

Maganin tsutsa ba wuya. Amma zuciyar yarinyar ta gaji, sai an ƙara mata jini yau, kuma na ajiya ya ƙare. Dole dangi su bayar.

Nan maginiya ta ɗan samu natsuwa. Nama ya fi ƙarfinta, ƙwai ma haka, amma jini ai nata ne. Ta zauna a bencin mai ɗibar jini, ta janye mayafi ta miƙa hannu. Mutumin ya dubi tafinta, ya soki yatsa, ya duba na'urarsa.

"Baiwar Allah, kina haki in kin yi tafiya?"

"Wa ba ya haki?"

"Naki ma bai ishe ki ba. In na ɗiba, gado biyu za mu nema."

Ƙanwar ta matso aka gwada ta, ita ma haka. Rami ɗaya suke takawa, tukunya ɗaya suke ci. Ya ce zai rubuta musu magani, su je su nemo wani mai ƙarfi, da sauri.

Tsoro ya kama maginiya irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ta lissafa mutanen gidansu ɗaya bayan ɗaya, duk masu taka yumɓu ne. Ta ƙofa tana hango Auta a kan gado, ƙirjinta na sama da ƙasa.

Ba ta tashi daga bencin ba. Ta miƙa masa ɗaya hannun.

"Don Allah, Malam, gwada wannan."